Sa hannun odita a rahoton muhalli: me ya tabbatar, me ya tsallake?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen ba da rance na wani banki. Wata masana'antar sarrafa abinci ta nemi rance mai rangwamen ruwa, irin wanda ake ba kamfanonin da suka rage gurɓata muhalli. Rahotonsu ya ce sun rage hayaƙi da kashi 20 cikin 100, kuma a ƙarshensa akwai wasiƙar wani babban kamfanin odit da sa hannu. Maigidana ya ce tunda an yi odit, magana ta ƙare. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Zan iya dogara da wannan sa hannun kamar yadda nake dogara da na asusun kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Maigidanka bai yi kuskure ba da ya ga sa hannun da daraja, sai dai darajarsa ba ta kai faɗin da yake zato ba. Kafin komai, buɗe wasiƙar nan ka nemi sakin layin da odita ya faɗi matsayarsa, ka karanta shi a hankali kamar kana karanta takardar filin da za ka saya.

Idan ka ga jimlar ta zo a kaikaice, wato yana cewa babu wani abu da ya zo gabansa da zai sa ya yi zaton alƙaluman da aka zaɓa ba a shirya su bisa ƙa'ida ba, to taƙaitaccen tabbaci ne aka ba ka. Wanda ka saba gani a asusun kuɗi ya fi shi ƙarfi, shi ne gamsasshen tabbaci, inda odita yake fitowa gaba-gaɗi ya ce a ra'ayinsa alƙaluman sun yi daidai ta duk fuskar da ke da muhimmanci. Mutumin da ya ce "na ƙirga buhunan, ɗari ne" da wanda ya ce "na leƙa sito, ban ga alamar ɓarna ba" duk gaskiya suka faɗa, amma ka san wanda za ka ba kuɗi a kan maganarsa. Mafi yawan rahotannin muhalli da aka yi wa bincike a duniya taƙaitaccen tabbaci suke ɗauke da shi. Ko dokar Tarayyar Turai ta CSRD, wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni binciken irin wannan rahoto daga shekarar kuɗi ta 2024, taƙaitaccen tabbaci ta nema.

A aikace, taƙaitaccen tabbaci tambayoyi ne ga ma'aikata, da kwatanta alƙaluman bana da na bara, da sake lissafin jadawalin Excel, da duba takardu kaɗan. Wataƙila a ziyarci masana'anta ɗaya cikin biyar, wataƙila a gama komai daga ofis. Ƙa'idar da aka fi aiki da ita, ISAE 3000, da 'yar'uwarta ISAE 3410 ta lissafin iskar da ke ɗumama duniya, sun wajabta wa odita ya rubuta ƙarara cewa aikin da ya yi bai kai na gamsasshen tabbaci ba, kuma tabbacin da ya samu ya yi ƙasa da shi sosai. Za ka ga wannan jimlar a wasiƙarka. Mutane suna tsallake ta ne don ta yi kama da cikon takarda, alhali ita ce zuciyar wasiƙar.

Abu na biyu da za ka nema shi ne iyakar abin da aka bincika. Rahoto mai shafi 90 yana iya ɗaukar wasiƙar da ta shafi alƙaluma shida kacal, waɗanda aka yi wa 'yar alama a gefe. Sauran shafukan, da hotunan dashen itatuwa da jawabin shugaban kamfani da alƙawarin daina fitar da hayaƙi nan da 2050, odita yana karanta su ne kawai don ya ga ko sun yi karo da abin da ya bincika. Kuma kamfanin ne yake zaɓar alƙaluman da za a duba, shi ne yake biyan kuɗin aikin.

To amma ko da an ba ka tabbaci mai ƙarfi a kan komai, akwai wani rauni da ke cikin shaidar kanta, kuma a nan nake so mu zauna. A lissafin kuɗi, kowace naira tana da ɓangare biyu. Idan kamfani ya ce yana da miliyan 50 a banki, sai mu rubuta wa bankin ya tabbatar mana. Idan ya ce yana bin wani bashi, akwai wanda ake bi, za a tambaye shi. Idan akanta ya manta da wata shigarwa, littafi ba zai daidaita ba, kuskuren da kansa zai yi ihu. Hayaƙi ba shi da wannan. Wanda ya fita ta bututu ya bi iska, babu wanda ya karɓe shi ya ba da rasit, babu littafin da zai ƙi daidaita idan an manta da shi. Kusan duk tan ɗin kabon da ka gani a rahoton masana'anta irin wannan ba a auna shi a bakin bututu ba. Lissafo shi aka yi: yawan abin da aka ƙona, a ninka da wani adadi da masana suka tsayar. Saboda haka ƙarfin kowane adadi a rahoton ya danganta ne da kusancinsa da kuɗi. Wanda za a iya bin sawunsa har zuwa biyan kuɗi ta banki yana da ƙarfi. Wanda ya yi nisa da kuɗi sai ya koma maganar kamfani kaɗai.

Bari mu bi misali da alƙaluma masu sauƙin lissafi, a ce na masana'antar taka ne. Bara ta ƙona dizal lita 1,500,000, bana lita 1,200,000. Kowace litar dizal tana fitar da kimanin kilo 2.68 na iskar kabon. Na bara ya kama tan 4,020, na bana tan 3,216. Ga kashi 20 ɗinka nan. Odita zai fara da tsayar da mizanin kuskuren da ya isa a damu da shi, kuma a wannan fanni an saba ɗaukar kashi 5 cikin 100. A nan tan 160 ke nan, daidai da dizal lita 60,000. Kuskuren da bai kai haka ba, ko an gan shi, yawanci ba zai sauya matsayar odita ba.

Dizal shi ne daɗin aikin odita, domin kuɗi ne a fili. A ce lita naira 1,200 ce, dizal ɗin bana ya haura naira biliyan 1.4, kuma babu kamfanin da ke kashe irin wannan kuɗi ba tare da takarda ba. Sai a ɗauko littafin sayayya, a zaɓi wasu shigarwa, a bi kowace zuwa takardar dillali, zuwa takardar sauke mai da mai sito ya sa wa hannu, zuwa fitar kuɗin daga banki. Sannan a yi lissafin tanki: lita 60,000 da aka shiga shekara da su, a ƙara 1,190,000 da aka saya, a cire 50,000 da suka rage ranar ƙarshe. Ya ba da 1,200,000. Har nan shaida ta yi kyau, don wani ɓangarenta daga wajen kamfanin ya fito.

Sai dai abin da aka tabbatar shi ne man da aka saya ya bar tanki. Ko janareta ne ya sha shi, wannan wata tambaya ce. Odita mai hankali zai je ɗakin janareta ya karanta mitocin da ke ƙirga wutar da suka bayar. Babban janareta da ke aiki da kaya daidai yana shan kusan lita 0.28 a kowane kilowat na awa ɗaya. Idan mitoci suka nuna miliyan 3.9 a shekara, man da ya kamata a sha bai wuce lita 1,092,000 ba. Saura lita 108,000, wato kusan ninki biyu na mizanin da aka tsayar. Ina suka tafi? Wataƙila tukunyar tururi ce ke amfani da dizal idan gas ya yanke. Wataƙila ana kunna janareta da ƙaramin kaya da dare, wanda ke sa shi shan mai fiye da kima. Wataƙila kuma tanka tana zuwa da lita 33,000 a takarda, ta sauke 31,000, a raba bambancin tsakanin direba da mai riƙe da sandar awo. Idan na ƙarshen ne, abin dariyar shi ne rahoton ya ɗora wa kamfanin hayaƙin da bai fitar ba. Na kawo wannan ne don ka ga ko adadi mafi ƙarfi a rahoton yana da 'yar girgiza. A taƙaitaccen tabbaci, sau da yawa bayanin injiniya na baki, in ya yi ma'ana, ya isa a rufe wannan tambaya.

Yanzu tambayar da ta fi shafarka: ina lita 300,000 ɗin da aka ce an rage suka tafi? Ƙa'idar lissafin da kusan kowa ke bi, GHG Protocol, ta raba hayaƙi gida uku, za ka gan su a rahoton da sunan Scope 1, Scope 2 da Scope 3. Na farko abin da kamfani ya ƙona da kansa, na biyu wutar lantarkin da ya saya, na uku hayaƙin da wasu suka fitar saboda harkarsa, kamar masu kawo masa kaya da masu yi masa jigila. A ce a watan Janairu masana'antar ta sayar da manyan motocinta ta ba ɗan kwangila jigilar kaya. Motocin nan suna nan suna bin hanyar da suka saba, har direbobin ma su ne, amma mansu ya fita daga gida na farko ya koma na uku. Idan kamfanin ba ya lissafa gida na uku, ko yana lissafawa amma ba a sa shi cikin abin da odita ya duba ba, lita 300,000 sun ɓace daga takarda ba tare da iska ta samu sauƙin ko kilo ɗaya ba.

Ƙa'idar ta hango wannan. Ta ce idan aka yi irin wannan sauyin tsari mai girma, kuma kamfanin ba ya bayar da rahoton hayaƙin aikin da ya miƙa wa wasu, to a sake lissafin shekarar da ake kwatantawa da ita, don a gwada abu da irinsa. Amma kamfanin ne yake tsayar wa kansa girman sauyin da ya isa a sake lissafi. Kuma ga inda gizo ke saƙa: sau da yawa an ɗauki odita ne ya duba adadin bana kawai. Tan 3,216 daidai ne, ya sa hannu da gaskiyarsa. Tan 4,020 na bara babu wanda ya taɓa duba shi. "Kashi 20" kuwa yana cikin jawabin shugaba a shafi na uku, babu alama a gefensa. Kai kuma rangwamen ruwan da bankinku zai bayar a kan kashi 20 ɗin ya rataya.

Akwai wasu hanyoyin da adadi ke sauka ba tare da an gyara komai ba: kasuwa ta ja baya an rage aiki, ko wutar gwamnati ta ɗan samu an rage kunna janareta. Don haka ka nemi yawan kayan da aka sarrafa a shekarun biyu, ka raba hayaƙin da shi. Ita wutar da aka saya ma, idan bil ɗin na ƙiyasi ne ba na mita ba, odita yana da takarda a hannu amma takardar kanta zato ce.

Mu koma ga abin da ya fi wahalar kamawa, wato abin da ba a rubuta ba sam. Odita yana iya ɗaukar kowace shigarwa a jadawali ya ce a nuna masa takardarta. Abin da ba ya cikin jadawalin fa, daga ina zai fara? Na taɓa yin aiki a wata masana'anta mai ɗakunan sanyi, inda layin gas ɗin na'urorin sanyaya a rahotonsu yake nuna sifili shekara biyu a jere. Jami'in muhalli ya ce ba su da yoyo. Ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba, abin da ya sani ya faɗa. Da muka zagaya bayan ɗakin injin, sai ga tulin ƙananan tukwanen gas da aka gama da su, an jingine su a bango kusa da tsofaffin tayoyi, na ƙirga tara, kowace an rubuta R-404A a jikinta. Ashe duk lokacin da sanyi ya ragu, manajan gyara yana kiran wani mai gyaran firji ya zo da gas ɗinsa ya cika, a biya shi daga kuɗin kashewar yau da kullum, a rubuta "gyara" a takarda. Labarin bai taɓa isa teburin jami'in muhalli ba.

Ka yi lissafin da kanka. Kowace tukunya kilo 10.9 ce, tara sun kama kilo 98. Gas ɗin da aka ƙara a na'ura yana nufin kwatankwacinsa ya tsere. Kilo ɗaya na R-404A yana ɗumama duniya kamar kilo 3,922 na kabon, bisa adadin rahoto na huɗu na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tukwane taran nan sun kai tan 385. In ka ɗora su a kan misalinmu, sun ninka mizanin tan 160 fiye da sau biyu, sun kuma cinye kusan rabin ragin tan 804 da ake tinƙaho da shi. A kuɗi kuwa ba su kai abin da odita na asusu zai ɗaga kai ya kalla ba. Da ban taka bayan ɗakin nan ba, da na sa hannu cewa babu abin da ya zo gabana, kuma da ban yi ƙarya ba. Duk masana'antar abinci da ta nuna maka sifili a wannan layi, ka sa mata alamar tambaya.

Sai kuma adadin da ake ninkawa da shi. Na dizal ba ya da rigima, don kabon da ke cikin lita sananne ne. Wasu kuwa zato ne da aka yi ittifaƙi a kai. Shekaru da yawa kamfanonin mai suna lissafa cewa wutar da ke ƙona rarar gas a rijiyoyi tana cinye kashi 98 cikin 100 na iskar metan. A 2022 mujallar Science ta buga binciken masana na Jami'ar Michigan da suka auna da jirgin sama a manyan yankunan haƙar mai uku na Amurka, suka samu kusan kashi 91, saboda wasu wutar ba ta ci sosai, wasu kuma ta mutu gas yana fita ɗanye. Tazarar 98 da 91 kamar ƙarama ce, amma abin da ke tsira ya tashi daga kashi 2 zuwa kashi 9, ya ninka fiye da sau huɗu. Duk oditan da ya sa hannu a kan lissafin kashi 98 bai saɓa ƙa'ida ba, domin abin da ya tabbatar shi ne an bi ma'aunin da aka ayyana. Ko ma'aunin ya dace da abin da ke faruwa a sararin sama, wannan ba ya cikin abin da aka ɗauke shi ya yi. Shi ya sa za ka ga wani sakin layi a wasiƙar yana magana a kan rashin tabbas da ke tattare da irin wannan lissafi.

Idan rahoton ya taɓo ruwan da masana'anta ke zubarwa, a nan ma ka yi taka-tsantsan. Shaidar da aka saba kawowa takardar ɗakin gwaji ce mai hatimi, tana cewa samfurin ya cika sharuɗɗan NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya. Takardar gaskiya take faɗa game da kwalbar da aka kai. Wa ya ɗebi ruwan, daga wane bututu, da ƙarfe nawa, ana cikin aiki ko ranar da aka tsayar da injina? Kwalba huɗu a shekara, kowace an ɗebe ta cikin minti biyar da sanin manaja, su ake so su wakilci awa 8,760. Wanda ya san unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai ya san launin ruwan kwata da rana daban yake da na tsakar dare. Abin da nake yi shi ne in koma wa kuɗi. Injin tace ruwa yana cin alif da farar ƙasa, yana cin wuta, yana tara laka da sai an biya mota ta kwashe. Idan takardun gwaji sun ce ruwa fes, amma sito bai fitar da alif ba tun watan Maris, kuma babu rasit ɗin kwashe laka ko ɗaya, to injin nan na baƙi ne, ranar ziyara ake kunna shi.

Duk abin da na lissafa zuwa nan yana faruwa ko da kowa na da gaskiya. Idan kuwa kamfani ya ƙudiri yaudara, kayan aikin odita ba su da yawa. Ba ɗan sanda ba ne, ba ya shiga ba sallama, kuma a ƙarshen aiki yana karɓar wasiƙa daga shugabannin kamfani cewa sun ba shi duk bayanan da ke akwai. Motocin dizal na Volkswagen sun yi shekaru suna cin gwajin hayaƙi, saboda an sa musu manhajar da ke gane lokacin gwaji ta gyara hali. Masu binciken Jami'ar West Virginia ne suka ɗaura na'urar awo a mota suka hau titi da ita, sannan asiri ya tonu. A Satumban 2015 hukumar muhalli ta Amurka ta fito da zargin, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Takardun duk sun cika. Awo mai zaman kansa, a wurin da ba a shirya masa ba, shi ya kama su. A Brazil kuma, madatsar dagwalon ma'adinai ta kamfanin Vale a Brumadinho ta samu takardar shaidar ƙarfi daga kamfanin bincike na TÜV SÜD a Satumban 2018, ta ɓalle ranar 25 ga Janairu 2019, mutum 270 suka rasu. Wannan ba odit ɗin rahoton muhalli ba ne kai tsaye, amma ciwon ɗaya ne: mai bincike yana cin abinci daga hannun wanda yake bincika.

Kada wannan ya sa ka jefar da wasiƙar. Rahoton da aka bincika ya fi wanda ba a bincika ba nesa ba kusa ba. Yawancin kurakuran da muke kamawa na sakaci ne, kuma manya ne: an haɗa lita da galan, an manta da wata ɗaya, an lissafa reshe ɗaya sau biyu, an yi amfani da adadin wutar lantarkin wata ƙasa. Waɗannan taƙaitaccen bincike ma yana kama su. Fannin kuma yana ƙara tsauri. Hukumar IAASB mai tsara ƙa'idojin odit na duniya ta fitar da sabuwar ƙa'ida ta musamman, ISSA 5000, a Nuwamban 2024, wadda ta shafi rahotannin lokutan da suka fara daga 15 ga Disamba 2026. A Najeriya hukumar FRC mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi ta tsara cewa ƙa'idojin IFRS S1 da S2 na rahoton ɗorewa da sauyin yanayi za su zama wajibi ga manyan kamfanonin da jama'a ke da ruwa da tsaki a cikinsu daga 2028. Sai dai sabuwar ƙa'ida tana gyara yadda odita ke aiki ne, ba za ta sa wa bututu mita ba, ba kuma za ta sa mai gyaran firji ya fara ba da rasit ba.

Akwai wani layi kusa da ƙarshen wasiƙar da ya kamata lauyan bankinku ya gani. Galibi odita yana rubuta cewa ya yi aikin ne don daraktocin kamfanin kaɗai, kuma ba ya ɗaukar alhakin kowa bayan su. Ma'ana idan kuka ba da rangwame a kan wannan takarda abu ya lalace, da wuya ku iya kama shi.

Da ni ne a kujerarka, takarda ɗaya zan rubuta wa masana'antar. Zan nemi jadawalin lissafin hayaƙi na shekarun biyu, layi-layi, tare da adadin da aka ninka kowane layi da shi da inda aka samo shi. Zan tambaya ko an bincika adadin bara, da ko an sayar ko an miƙa wa ɗan kwangila wani aiki tsakanin shekarun. Zan nemi yawan kayan da aka sarrafa, da jerin na'urorin sanyaya da irin gas ɗin kowace da abin da aka ƙara mata. Zan kuma roƙi wasiƙar da odita ya rubuta wa shugabannin kamfanin a kan raunin da ya gani, wadda ba a bugawa a rahoto, don a can ne yake faɗin abin da ke ransa. Kuɗin dizal kuwa ba sai ka tambayi kowa ba, yana cikin asusun da aka riga aka yi wa cikakken odit, wanda ke cikin fayil ɗin rancen a gabanka. Ka raba shi da matsakaicin farashin lita na kowace shekara ka ga ko ya yi kusa da litocin da rahoton ya faɗa. Ka duba layin kuɗin jigila a wannan asusun: idan ya yi tsalle a shekarar da dizal ya sauka, ka samu motocinka.

Sannan a yarjejeniyar rancen, ku rubuta adadin da rangwamen ya rataya a kai da sunansa, hayaƙi a kan kowane tan na kaya, har da na jigila ko wa ke tuƙa motar. Ku sa sharaɗin gamsasshen tabbaci a kan wannan adadi guda da na shekarar da ake kwatantawa, da ziyarar masana'anta, da wasiƙar da ta ambaci sunan bankin a cikin masu dogara da ita. Zai fi tsada, amma a kan adadi ɗaya ne, kuɗinsa ba zai kai rangwamen da ake nema ba. In an sa ranar ziyarar, ka bi su, ka ce a zagaya da kai bayan ɗakin injin sanyi.